Hotunan Motar Yaya Suna Ƙarƙashin Ruwa

Sun yarda! Wallahi inshora ta yarda, an gyara motar Yaya, yau da safe na ji kukanta a ƙofar gida tana shirin tafiya Wara ɗauko shinkafa. Kuma fa ba mu kai musu hoton haɗarin ko ɗaya ba. Hotunan suna can ƙasan tafki cikin wayata, kifaye na kallo. Tef ɗin ɗinkin Inna ne ya yi aikin, shi da alli da takarda. Ku tsaya in ba ku labarin tun daga farko, don yatsuna ƙaiƙayi suke tun jiya.

Yayana direba ne. Motar a-kori-kura ce shuɗiya, ƙungiyar manoma ta ba shi yana biya sannu a hankali, yana kwaso musu shinkafa da busasshen kifi daga kasuwannin bakin ruwa zuwa Yelwa. Ƙungiyar ce ta matsa aka yi mata cikakkiyar inshora, ba irin takardar nan da direbobi ke yanka don nuna wa 'yan sanda a hanya ba. Sharaɗin a fili yake: in motar ta kwanta ya kasa tayar da ita, za su karɓe abarsu su ba wani. Yaya ya yi shekaru yana jan motocin mutane kafin ya samu wannan. Ita ce ke ciyar da gidanmu, ita ce ke mayar da ni makaranta.

Hutu nake, kaka ta yi, na maƙale masa zuwa Wara don kawai in sha iska. Muna dawowa da la'asar sakaliya, buhunan shinkafa shanshera takwas a baya, tafkin na hannun hagunmu yana ta walƙiya ta tsakanin itatuwa kamar an shimfiɗa kwanon rufi sabo. Ni na jingina kai da gilashi, ina tsakanin barci da ido biyu. Can sai shanu suka ɓullo daga wajen ruwa, sun sha sun ƙoshi, suka hau titi ba sallama. Yaya ya taka birki, ya karya sitiyari dama. Na ji ƙara doguwa, ƙiiii, tun daga gaba har baya, daidai gefen da nake zaune. Mun goga da bangon kwalbati.

Ba wanda ya ji ciwo, ko saniya ɗaya ba a taɓa ba. Yaya ya fito yana salati, ya dafa motar da hannu biyu kamar mai jin zafin jikin yaro. Mai shanun, wani dattijo mai malfa, ya tsaya nesa kaɗan yana ta ba da haƙuri. Ni kuwa, ai kun san ni. Kafin Yaya ya gama salati na zaro waya. Ta gaba, ta baya, ta gefe da lambar motar a ciki, kusa-kusa da kowace lotsawa, daga nesa yadda titin da kwalbatin za su fito, sawun birki, tarwatsen gilashi. Kyas-kyas-kyas. Hasken yamman nan kuwa ya haɗu, har motar da ta bugu sai da ta yi kyau.

"Auta, mi kike ɗauka haka kamar ranar buki?" in ji Yaya.

"Shaida ce, Yaya. Gobe za ka gode min."

Aka samo janwe ya jawo mu Yelwa, don tayar gaba ta fashe, ƙarfen da ke juya ta ya lanƙwashe. Aka sauke buhunan a wurin mai su, aka ajiye motar a garejin Kawu, ƙanen Inna, wanda aikinsa ke nan, buga jikin mota da fenti. Washegari Yaya ya sanar da sakataren ƙungiya, ya je ofishin 'yan sanda aka rubuta rahoto, sakataren ya haɗa shi a waya da wata Hajiya da ke ofishin inshorar a Birnin Kebbi. Ta ce za ta turo fom, mu cike, mu haɗa da hotuna da rahoton 'yan sanda da kiyasin kuɗin gyara. Wayar Yaya 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta karɓar hoto. Tawa kuma data ta ƙare ƙaf, shi ya sa tun tuni na kashe abin nan da ke kwashe hotuna yana adanawa a intanet, don yana cinye min data kamar gara. Na ce bari mu dawo daga suna in saya in tura gaba ɗaya.

Sunan na 'yar ƙanwar Inna ne, a wata tungar masunta da sai an hau kwale-kwale. Mun tashi da hantsi. Ruwan ranar kwance yake lumui, sama ta faɗo ciki gaba ɗayanta, har ba ka gane inda ruwa ya ƙare gajimare ya fara. Balbelu na wucewa biyu-biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mata na ta hira a bayana, muryoyinsu kamar daga wani ɗaki mai nisa. Na miƙa hannu waje in ɗauki inuwar kwale-kwalen a cikin ruwa, wani jirgin inji ya wuce can gefe, igiyar ruwansa ta iso ta ɗaga mu ta sauke. Shi ke nan. Ko ƙara ba ta yi ba. Na ga fuskarta tana haske tana juyawa, tana ƙanƙancewa, kamar wata yana nutsewa da rana tsaka.

Mai tuƙin ya leƙa, ya girgiza kai. "Nan wurin zurfinsa gaba nawa ne, ɗiyata. Sai dai haƙuri."

Ban yi kuka ba a lokacin. Na zauna ina kallon wurin har ya shafe. Inna ta ce da wata mata kusa da ita, a hankali, "Ai daidai nan ne tsohon garinsu Innata." Kowa a nan ya san akwai garuruwa a ƙarƙashin ruwan nan tun da aka datse gulbi. Sai na riƙa ganin wayata ta sauka a tsakar gidan kakata, kusa da turmi, giwan ruwa na zagaya ta yana mamakin wannan mota shuɗiya.

Da muka dawo na ce ba komai, mota dai na nan a gareji, in ari wayar ƙawata in sake ɗauka. Tun daga bakin layin na jiyo guduma. Kwam, kwam, kwam.

Ku fahimci Kawu. A danginmu in abu ya same ka, mata su zo jaje da kwanon abinci, maza su zo da addu'a. Kawu bai iya ko ɗaya ba. Bai iya zama kan tabarma yana "Allah shi kiyaye gaba" ba. Jajensa a hannunsa yake. Da asuba ya buɗe gareji, ba wanda ya sa shi, ya kwance bamba, ya cire fenda, wato kumatun nan da ke saman taya, ya zare fitilar da ta fashe, ya buɗe cikin ƙofa ya bugo lotsawar waje har ta kusa komawa daidai. Yana ganina ya washe baki.

"Ɗiyata, zo ki gani! Kafin ranar kasuwa ɗan'uwanki na bisa hanya. Ko sisi ba ni so."

Yaya na tsaye a gefe, shi ma fuskarsa fal godiya. Ni kaɗai na tuna abin da Hajiya ta faɗa a ƙarshen wayar nan, lokacin da Yaya ya riga ya fara sallama: kada a taɓa motar sai injiniyansu ya zo ya gani.

Muka kira ta da 'yar wayar Yaya, na saka a sifika. Na faɗa mata komai, wayar da ruwa, Kawu da guduma.

"Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "An fara gyara ba da izininmu ba, hoton farko kuma babu. Kamfani na iya cewa bai san yadda ɓarnar take ba, ya ƙi biya. Ba ni ke yankewa ba."

Kawu ya ajiye gudumar a hankali kamar ƙwai.

Hajiya ta ci gaba, "Amma ku ji. A tsayar da aiki yanzu. Duk abin da aka cire a ajiye, ko ƙusa kada a yar. Ku ɗauki hoton motar yadda take yau, da kayan da aka cire, da wurin da abin ya faru. Sannan abin da hotunanki suka nuna, ki rubuta min shi. Kowace ɓarna, a ina take a jikin motar, tsawonta, faɗinta, nisanta daga ƙasa. Ki zana titin da inda motar ta tsaya. Abin da kika auna ki ce kin auna, abin da kika tuna ki ce tunawa kika yi. Direba ya sa hannu, mai gyara ya rubuta abin da ya taɓa ya sa hannu. Injiniya zai zo ya gwada da abin da ya tarar."

Yaya bai ci tuwo ba ranar. Ya zauna a zaure da makullin motar a hannu yana juya shi. Ni na shige ɗakin Inna na kwanta kusa da kekenta, tana ta ɗinki, tir-tir-tir. Na ce mata ni fa ban san ta inda ake mayar da hoto rubutu ba.

Ba ta ɗago ba. "Innata ko hoto guda ba ta fito da shi daga garinsu ba. Amma in ta fara, sai ki ga gidan. In kin shiga zaure, rumbu na hannun dama, taku kaza. Tsamiya na bayan ɗakin tsakiya, reshenta na taɓa jinka. Rijiya gaba kaza. Har yau in na rufe ido ina iya zuwa in ɗebo ruwa, ni da ban taɓa taka garin ba." Ta cire tef daga wuyanta ta jefo min kan ciki. "Ki fara da ƙofa, ki bi da hannun dama. Haka take yi."

Na rufe ido. Hotunan suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, a jere yadda na ɗauke su, kamar ina shafa fuskar waya da babban yatsa. Ga bamba ta saki a kusurwa tana lilo. Ga fitila ta zama baki mai haƙora. Ga wani dogon layi fari a jikin shuɗi, ya taso daga kumatu, ya ratsa ƙofa, ya wuce har jikin bodin ɗaukar kaya, miƙaƙƙe kamar bakin ruwa in ka hango shi daga tudu. Na tashi na rubuta duk abin da na gani kafin ya gudu.

Da safe muka haɗu a gareji, ni da Yaya da Kawu, da wayar aro da alli da tef. Tambayar farko ta kusa haɗa faɗa.

"Wane gefe zan rubuta?"

"Gabas," in ji Yaya.

"Yamma dai," in ji Kawu. "Kai ba ka ganin inda rana ka faɗuwa?"

"Kawu, lokacin da abin ya faru gabas ne. Ruwa na yamma da mu."

"To yanzu ina ruwan yake? Ni abin da ag gabana nika faɗi."

Duk su biyun gaskiya suke faɗa. A hanya motar arewa ta nufa, a gareji janwe ya ajiye ta tana kallon kudu. Mu nan haka muke kwatance, ko cokali ka tambaya sai a ce yana gabas da tulu. Na ce to hagu ko dama? Kawu ya tsaya a gaban motar yana kallonta ido da ido, ya ce hagu. Yaya ya ce dama. Na sake kiran Hajiya, tana dariya ta ce a wurinsu hagu da dama na mota daga kujerar direba ake ƙirga su, mutum na zaune yana kallon gaba, ko motar ta kalli Makka ko ta kalli Legas. Na buɗe ƙofa na zauna a kujerar Yaya, na riƙe sitiyari. Dama ne, gefen fasinja. Na rubuta hakan a saman takardar da manyan baƙi, don kada wani ya tsaya a gaba ya juya mana ita.

Sai awo. Kawu ya buɗe yatsu ya ce lotsawar ƙofa taƙi biyu ce da ɗan ɗoriya. Na ce taƙin wa, naka ko nawa? Muka gwada, nasa ya kusa ninka nawa. Tef ɗin Inna fuska biyu gare shi, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan, na zaɓi santimita na tsaya a kanta har ƙarshe. An sa wa motar tayar safaya, tana tsaye kan ƙafafunta huɗu a kan daɓen siminti, na rubuta wannan ma.

Abin mamaki, lotsawar da Kawu ya buge ba ta tafi duka ba. Fenti ya tsattsage a zagayenta, ta ciki kuma kowane bugun guduma ya bar tabo. Kawu ya bi tsagar da alli, sai ga siffarta ta fito, kamar ganyen mangwaro kwance. Ƙofar dama, lotsawa, tsawo arba'in da shida, faɗi ashirin da uku, ta fara santimita tara daga bakin ƙofar na gaba. Zurfi fa? Kawu ya ce in sa biyar, ya tuna. Na rubuta: zurfi ba a auna ba, an riga an buga, mai gyara ya ce a tunaninsa ya kai biyar. Fendar da ya cire kuwa bai taɓa ta ba tukuna, muka ɗora katako miƙaƙƙe a kan ramin, na zura tef, shida cif. Bamba, kusurwar dama, ta tsage ta rabu da maƙalinta. Fitilar dama da sigina, sun fashe. Taya da rim na gaba na dama, da ƙarfen juya taya. Kowanne na sa masa lamba da alli, na ɗauki hotonsa da tef a jiki, na sa lambar a zanen motar da na yi.

A ƙofar baya akwai wata lotsawa da ta yi tsatsa, tun bara wani mai kura ya yi ta a kasuwa. Kawu ya kalle ta ya kalle ni, ya ɗaga gira. Yaya ya ce, "A'a, Kawu." Na ba ta layinta daban a ƙasa: tsohuwa ce, ba ta wannan haɗarin ba.

Dogon layin nan fari na bari ƙarshe. Na auna tsayinsa daga ƙasa a jikin bodi, gaban tayar baya kaɗan. Tamanin da biyar.

Da yamma Yaya ya ari babur muka koma wurin kwalbatin. Wurin ya yi tsit, sai kukan kurciya. Shanu sun tattake sawun taya a gefen hanya, na birki a kan kwalta ya dushe amma ana ganinsa. A saman bangon wani ya tattara ɓaraguzan gilashin sigina ya jera su, rana na ratsa su suna ja kamar garwashi. Bangon yana da leɓe a sama, siminti ya ɗan turo waje, a bakin leɓen kuwa ga shuɗin fentinmu, shar. Na ji kamar na haɗu da ɗan gidanmu a baƙon gari.

Muna cikin haka shanun suka ɓullo, lokacinsu bai canza ba, dattijon na bayansu. Shi ne ya tara gilashin, wai kada dabba ta taka, kuma ko mai shi zai dawo nema. Ya nuna mana da sandarsa inda hancin motar ya tsaya da inda shanun suka hau titi. Na auna daga kwalbatin, tef ɗin gajere ne, sai da muka yi ta ɗagawa muna sa dutse. Na karanta masa abin da na rubuta daga bakinsa, ya gyara min wuri ɗaya, sannan na shafa masa biro a babban yatsa ya dangwala.

Sai na auna leɓen, daga ƙasar da taya ta bi zuwa fentin. Saba'in da takwas.

Na sake. Saba'in da takwas. A mota tamanin da biyar. Bakwai sun ɓata tsakanin bango da mota, kuma duk wanda ya karanta zai ce ba wannan bangon ne ya yi wannan layin ba.

A gareji Kawu ya ce abu mai sauƙi, in sa tamanin a duka biyun, wa zai sani. Yaya ya kalle ni, kallon da ya fi magana nauyi. Na yi ta juya biro. Injiniya zai zo da nasa tef, in ya samu lamba ɗaya ta ƙarya, sauran duka sun mutu. Na bar su yadda suke, saba'in da takwas da tamanin da biyar, suna harara juna a takarda. A ƙasa na ƙara abin da na sani kawai: lokacin haɗarin akwai buhu takwas a baya, an auna motar ba kaya. Ban ma san ko yana da amfani ba, na dai tuna a hoton da na ɗauka daga nesa motar ta yi zaman 'yan bori, gindinta ƙasa-ƙasa. Na juya komai zuwa Turanci saboda fayil ɗin babban ofishinsu zai je, aka sa hannu, muka tura.

Jiran nan, kada Allah ya maimaita. Sakataren ƙungiya ya zo sau biyu, yana tambaya cikin ladabi, amma mun san me tambayar ke nufi. Ni kuma kullum sai in yi mafarkin ina tafiya a ƙarƙashin ruwa da tef a wuya, ina auna rumbu, ina auna tsamiya, wayata na ringin a wani ɗaki na kasa gano ƙofarsa.

Injiniyan ya iso wata ranar kasuwa, siriri, da tabarau, ba ya dariya. Ya fara zuwa kwalbatin da Yaya, sannan suka dawo gareji. Ya riƙe takardata a hannun hagu, tef ɗinsa na ƙarfe a dama, yana bi lamba-lamba. Ya leƙa cikin ƙofa ya shafa tabon guduma. Ya juya fendar ya duba bayanta. Ya tsaya a kan tsohuwar lotsawar, ya kankare tsatsar da farce, ya duba takarda, ya wuce. Ya kalli Kawu ta saman tabarau.

"Malam, kai ne mai saurin hannu?"

"Ranka shi daɗe, ɗan ɗiyar uwata ne. In zauna ina kallo?"

"Nan gaba ka kalla, har mu zo."

Ya zo kan layin. Ya auna, tamanin da biyar. Ya karanta abin da na ƙara a ƙasa.

"Buhu takwas na me?"

"Shanshera," in ji Yaya.

Ya duba takardun motar ya ga nauyin da aka yarda ta ɗauka, ya yi lissafi a bayan takarda, ya gyaɗa kai. "Ba ku wuce ƙa'ida ba. Akwai buhuna kusa?"

Ranar kasuwa a Yelwa ana tambayar buhu? Mai injin casa na maƙwabtaka ya ba da aro. Aka fara lodi, ni na durƙusa da tef ɗin Inna a jikin bodi, injiniya na tsaye a kaina da nasa. Buhu na farko, motar ta yi ajiyar zuciya. Na biyu, na uku. Layin fari ya fara saukowa a hankali, kamar yadda ruwa ke ja da baya da rani ba ka ganin tafiyarsa sai ka ga dutse ya fito. Tamanin da uku. Tamanin da ɗaya. Har masu wucewa sun tsaya. Na takwas ya sauka, dim.

"Saba'in da tara," na faɗa.

"Saba'in da tara," in ji injiniya. "Gefen hanya ba daɓen siminti ba ne. Ɗayan nan na bar wa ƙasa."

Kawu ya cire hula ya jefa sama, ta faɗa cikin bokitin ruwan wanke fenti. Yaya ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai ƙura ce. Injiniyan bai ce an biya ba, ya ce shi rahoto zai rubuta, kamfani ke yankewa, kuma zai rubuta cewa an fara gyara kafin ya zo, don haka ne. Ya ƙara abin da ya gano da kansa wanda ban gani ba, wani ƙarfe a bayan bamba da ya lanƙwashe, ya rage wani abu a kiyasin Kawu, suka ɗan yi ciniki kamar masu sayen akuya. Da zai tafi ya tambayi inda na samo tef mai furanni a baki. Na ce na Inna ne. A nan ne kawai na ga haƙoransa.

Takardar amincewa ta zo bayan wani jiran. Sun cire kason da dama ƙa'ida ce mai mota ya ɗauka da kansa, tsohuwar lotsawar kuma tana nan da tsatsarta. Sauran duka sun ɗauka. Kawu ya koma kan gudumarsa, wannan karon da izini a rubuce, ya manna takardar a bango yana nuna wa duk wanda ya shigo. Sakatare ya zo ya sha shayi ya tafi, bai yi zancen makulli ba.

Jiya aka gama fenti. Yaya ya ɗauke ni da Inna muka gangara bakin ruwa da yamma, ya kashe mota, muka zauna muna kallo. Masunta na dawowa, ruwan ya yi launin zuma. Inna ta nuna can tsakiya da haɓa ta ce, "To, ki gaishe da wayarki." Na ɗaga mata hannu. Tef ɗin na mayar mata, ta ce ya yi warin gareji, ta wanke shi ta shanya a igiya.

Da wayar ƙawata nake rubuta wannan, tana tsaye a kaina tana cewa cajinta. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa direban da ya sani, da mai gyaran da ya sani, musamman mai kirki irin Kawu. Ku tura musu.